Allah Ya Ja Zamanin Mai Almakashi

An ce yabon gwani ya zama dole, ni kuwa na daɗe da bashin yabo a wuyana. Gwanin nawa yana nan Jimeta, a wani ɗaki mai fanka ɗaya da kwamfuta ɗaya, ba nisa da babbar kasuwa. Ba zan kama sunansa ba, kada mahassada su sa masa ido. Darakta kowa ke ce masa, shi ma haka yake ce wa kansa. Abin da ya gagari manyan masu shirya fim na duniya shekara da shekaru, wato sanin inda waƙa za ta zauna a cikin labari, shi ya gama da shi tsakanin azahar da la'asar, da agogon waya da jan biro.

Ga yadda Allah ya haɗa ni da wannan baiwa. Wasu samari da 'yan mata na unguwarmu suna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, ni kuma tsohon malamin makaranta ne da ba ya iya cewa a'a, sai na zama mai rubuta musu. Muka yi wani wasan daɓe mai waƙoƙi shida. Labarin 'yar masunci ne a bakin Binuwai. Tana son wani yaro mai tuƙa kwalekwale, ubanta kuwa bashin kuɗin koma da injin jirgi ya yi masa katutu a hannun wani Alhaji dillalin kifi. Alhaji ya ce a ba shi yarinyar a yafe bashin. Yaron ya ji labari, ya ɗauki lodin da kowa ya ƙi ɗauka a tsakiyar damina, lokacin da kogin ya cika ya batse, don ya samo kuɗin ya fanshi uban. Jirgin ya kife. Nan muke sauke labule mu ba mutane hutun shan ruwa. Da an ɗaga, sai ga yarinyar cikin ƙawayenta ana sa mata lalle, tana waƙar murna, don a saninta gobe magabatan yaron za su zo. Sau uku muka nuna wasan a zauren taro na wata makaranta, kuma duk sau ukun, da an zo waƙar lallen nan sai zauren ya yi tsit, ka ji tsofaffin mata suna jan hanci.

Wannan tsit ɗin ne Darakta ya zo ya yi mana maganinsa.

Ya karɓi takardun ya auna nauyinsu a tafin hannu, bai ɓata lokacin karantawa ba, don gwani ba ya buƙata. Ya ce, "Malam, fim ɗin nan minti tamanin ne. Waƙa huɗu ta isa. Ɗaya a minti na farko, ɗaya a na ashirin, ɗaya a na arba'in, ɗaya a na sittin." Na ce, to wace ce za ta je ina? Ya dube ni da tausayi irin na likita, ya ce, "Ai Malam ku 'yan littafi matsalarku ke nan. Waƙa waƙa ce. Wadda ta fi kiɗa ita ce a gaba."

Ban taɓa jin hikimar da ta kai wannan sauƙi ba. Kakanninmu mata, Allah ya jiƙansu, ba su gane ta ba. In suna tatsuniya, ba sa sako waƙa sai yarinya ta isa bakin rafi ta tarar da dodo, ko sai kishiyar uwa ta tura marainiya inda ba a dawowa. A nan ne magana ke gazawa sai a rera, kuma kowace maimaitawa tana matsar da labarin gaba taki ɗaya. Yaran da ke tashe da azumi ma haka suke wahalar da kansu: kowace waƙa da nata wasan, da nata shigar, ba a ɗaukar ta wannan a liƙa wa wancan. Hatta a biki, waƙar da ake yi ranar kamu daban, wadda ake yi wa amarya tana kuka a bakin ƙofar miji daban. Duk wannan ɗawainiya, ashe agogo kawai aka rasa.

Kada a ce Darakta daga sama ya faɗo. Yana da silsila. Tun bayan da Sangaya ya fito a Kano wajen 1999, waƙarsa ta shiga kowane gida da kowane shagon shayi, 'yan kasuwar fim suka fahimci cewa waƙa ce ke sayar da kaset. Aka shiga zamanin da ake shiga situdiyo a buga waƙa tukuna, sannan a nemo labarin da zai ɗauke ta, kamar mai sayen hula ya tafi neman kan da za ta shiga. Darakta ɗan wannan makaranta ne na halak. Shi ya sa ba ya ganin girman irin su Adamu Halilu, mutumin Garkida na nan jiharmu, wanda ya ɗauki Shaihu Umar a 1976, labarin da ya faro a littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya bi ta daɓe a hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, kafin ya isa majigi. Da na ambace shi, tambaya ɗaya Darakta ya yi mini: kaya kala nawa jarumar ta canza?

Sai ya zaro almakashi. Waƙar farko da ya datse, dole in faɗi gaskiya ko da za ta ɓata mini yabo, ya yi daidai. Wata 'yar waƙa ce da yara ke yi a gaban labule. Ba don labari na rubuta ta ba. Na rubuta ta ne don samari huɗu su samu minti uku su shigo da kwalekwalen katako ta bayan labule, jarumar kuma ta samu ta canza zane ta sha ruwa. Duk wasan daɓe mai waƙa yana da irin waɗannan: waƙar rufe canjin kaya, waƙar ba babban jarumi hutu, waƙar da ake ba ɗan wasa na biyu don kada ya yi fushi. A fim kuwa edita na danna maɓalli ɗaya an bar tsakar gida an koma kogi, sai waƙar ta rasa aikin yi. Akwai kuma waƙar da ake yi a daɓe don na kujerar baya ba ya ganin idon jaruma, dole ta rera masa abin da ke ranta. Kyamara in ta matso kusa da fuska, daƙiƙa biyar ta biya wannan buƙata. Masu fim na ainihi da irin waɗannan dalilai suke yanke waƙa. Darakta bai san ko ɗaya a cikinsu ba. Ya yanke ta ne don yaran ba su da farin jini a waya. Ko makaho in ya yi ta jifa wata rana zai sami tsuntsu, amma gwanina da jifan farko ya samu, sai a ce me in ba baiwa ba?

Ta biyu ita ce waƙar ciniki. Tsofaffi biyu ne a kan tabarma, uban yarinya da Alhaji, wannan ya rera wancan ya amsa. A cikinta ake lissafa bashin, a cikinta uban ke roƙon a ɗaga masa zuwa kaka, a cikinta Alhaji ke zagayawa har ya sauka a kan yarinyar, kuma a baitin ƙarshe muryar uban ke karyewa ya ce ya yarda. Babu wani wuri a wasan da aka ambaci bashin sai nan. Darakta ya ja mata jan layi daga sama har ƙasa. Ya ce, "Malam, wa zai tura waƙar tsofaffi biyu a waya? Ba rawa, ba mace."

Dubi irin ribar da aka samu. Da can muna da uba mai rauni wanda talauci ya murƙushe, mai kallo yana jin haushinsa yana kuma tausaya masa, abin da ke gajiyar da zuciya. Yanzu mun samu uba mugu tsantsa, wanda ya tashi da safe haka kawai ya ba da 'yarsa ga sa'an kakanta. Yaron ma ya huta da zama mai sadaukarwa. Tunda babu bashi, babu dalilin shiga kogi a cike, sai ya zama wawa mai kwaɗayin kuɗin lodi. Minti huɗu aka cire, mutum biyu suka canza hali. Wane marubuci ne zai iya wannan da alƙalami?

Turawa ma sun taɓa yin irin wannan yanka, sai dai su da yake ba su da ƙarfin zuciya, sun tsaya ɗinke inda suka yanka. The Sound of Music wasan daɓe ne na Rodgers da Hammerstein a 1959, aka mai da shi fim a 1965, Robert Wise ya ba da umarni, Ernest Lehman ya rubuta. A daɓe, matar da Kyaftin von Trapp ke shirin aura, Elsa, tana da waƙoƙi biyu tare da abokinsu Max. A ta biyun, su biyu suna lallashin Kyaftin ya sassauta, ya bi iska inda ta kaɗa, tunda 'yan Nazi na dab da haɗiye Ostiriya kuma ba mai iya tare su. Ya ƙi. A nan auren ya watse, a kan siyasa. Fim ya cire waƙoƙin biyu duka. To, da aka cire, me zai raba auren? Sai Lehman ya zauna ya gina wani dalilin: Elsa ta lura zuciyar Kyaftin na wajen Maria, ta yi kishi, ta yi dabarar da Maria ta bar gidan, daga baya ta ga ba riba ta janye da mutuncinta. An rasa wani abu, don Elsa ta daɓe mace ce mai lissafin zaman duniya, ta fim kuwa kishiya ce kawai. Amma labarin ya tsaya da ƙafarsa, an san abin da aka sayar da abin da aka saya. Wannan fim ya ci kyautar Oska biyar, sai dai ka duba wahalar da aka sha. Darakta ya yanke, bai ɗinke ba, kuma ga shi nan da ransa da lafiyarsa.

Yanzu ga babban aikin, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Waƙar lalle ta fi kowace kiɗa, ga 'yan mata takwas, ga tafi, ga guɗa. Bisa ƙa'idar agogo, ita ce ta minti na farko. Na ce masa, ranka ya daɗe, waƙar nan ba daɗinta ne aikinta ba. Aikinta shi ne mu mun san yaron ya nutse, ita ba ta sani ba. Kowace guɗa wuƙa ce. In ka kai ta farko, kafin a san ko wace ce yarinyar, ta zama waƙar biki kawai. Ya ce, "To Malam, da ma mene ne? Ba waƙar biki ba ce?" Na rasa amsa. Haka gwanaye suke kashe bakin mutum.

Ba zan ɓoye ba, dabarar ba tawa ba ce, a West Side Story na gan ta. Wasan daɓe ne da aka fara a New York a 1957, kiɗan Leonard Bernstein, baitocin Stephen Sondheim. Ƙungiyoyin 'yan daba biyu ne, Jets da Sharks. Tony na ɓangaren Jets ya kamu da son Maria, ƙanwar Bernardo shugaban Sharks. A ƙarshen kashi na farko aka yi arangama, Bernardo ya kashe Riff shugaban Jets, Tony ya kashe Bernardo. Labule ya sauka a kan gawa biyu. Da aka dawo hutu, abin da aka fara ji shi ne "I Feel Pretty", Maria a ɗakinta tana rawar murna, ba ta san masoyinta ya kashe yayanta ba. Can gaba kaɗan kuma yaran Jets suka yi waƙar barkwanci suna kwaikwayon ɗan sanda Krupke da alƙali da likita, alhali gawar shugabansu ba ta huce ba.

Da aka zo fim ɗin 1961, Wise da Lehman ɗin nan dai, tare da Jerome Robbins, suka ga abin da daɓe ya ɗauka fim ba zai ɗauka ba. Mai kallon daɓe ya fita ya sha iska, ya dawo yana son a sassauta masa kafin a sake ɗaure shi. Mai kallon fim kuwa ya ga wuƙa ta shiga ciki a kusa da idonsa, jini bai bushe ba, in ka kawo masa barkwanci a nan sai igiyar ta tsinke. Saboda haka suka kwashe duk abin dariya da na murna suka kai gaban arangamar. Waƙar Maria ta koma shagon ɗinkin kayan amare, da rana, kowa na raye. Waƙar Krupke ta koma farko. Ita kuma "Cool", wadda a daɓe Riff ke yi kafin faɗan yana ce wa yaransa su kwantar da hankali, aka kai ta bayan kisan, a cikin wani garejin motoci mai duhu, inda yaran ke neman fashewa da tsoro da fushi. Baitocin kusan duk suna nan yadda suke, amma da can gargaɗi ne, yanzu sun zama riƙe mutum kada ya haukace. Daga arangamar har ƙarshen fim babu sauran dariya, gangara ce kawai.

Sai dai Riff ya riga ya mutu, wa zai rera? Nan rashin wayon Turawa ya fito fili. Suka ƙirƙiro wani sabon ɗan daba mai suna Ice, suka dasa shi tun farkon fim a matsayin na hannun daman Riff, don kawai in lokacin ya zo a samu mai rai da zai ɗauki waƙar. Kuma maganar ba ta mutu a nan ba. Bayan shekara sittin, a 2021, Steven Spielberg da marubucinsa Tony Kushner suka sake fim ɗin, suka mai da waƙar Maria bayan kisan kamar yadda take a daɓe, tana rerawa cikin dare a katafaren kantin da take aikin shara, mai kallo na kallonta da ciwon abin da ya sani. "Cool" kuma suka dawo da ita gaban faɗan, ta zama kokawar Tony da Riff a kan bindiga. Waƙa ɗaya, mazauni uku, ma'ana uku. Shekara sittin da huɗu manyan mutane suna ɗaga waƙoƙi biyu uku suna saukewa, suna tambayar wa ya san me a wannan lokacin, wa ke raye, me mai kallo zai iya haɗiya. Da sun biyo ta Jimeta da an sallame su kafin la'asar.

Don shi Darakta matsalar mamaci ba ta taɓa hana shi barci ba. Waƙar soyayya, wadda a daɓe ake yi cikin kwalekwale tun farkon labari, a lissafinsa ta faɗo a minti na sittin. Yaron ya nutse a minti na arba'in da biyar. Na nuna masa. Ya ce, "Malam, kuɗi na biya jarumin nan. Ba zai ɓace mini rabin fim ba." Na ce to a sa ta zama mafarki, ko tunani, a nuna yarinyar ta rufe ido tukuna. Ya ce ɓata lokaci ne, masu kallo ba yara ba ne. Haka aka yi. Ana gama nuna masu ninƙaya sun fito daga ruwa hannu wofi, an yi salati, an zauna makoki, sai ga marigayi a bakin tafkin Geriyo cikin farar shadda da baƙin gilashi, yana juyi. Kaya kala biyar ya canza, har da kwat, a zafin Yola. Kwalekwalen ma an sallame shi, an kawo motar haya mai buɗaɗɗen sama. Waƙar uwa kuma, wadda take yi bayan labari ya iso gida, ta faɗo a minti na arba'in daidai, wato baiwar Allah ta yi kukan mutuwa saura minti biyar a mutu. Ko a cikin waliyyai ba kowa aka ba wannan ba.

Akwai wani gwaji da masu son wahala ke yi, ina faɗarsa ne don a guje shi. Ka ɗauke waƙar, ka haɗa fitowar da ke gabanta da wadda ke bayanta, ka kalla. In labarin ya wuce sumul ba wanda ya yi tuntuɓe, waƙar ado ce, ana iya yanke ta ko a kai ta ko'ina. In kuwa ka ga mutum ya shiga ɗaki da niyya ɗaya ya fito da wata ba a san abin da ya juya shi ba, to a cikin waƙar aka juya shi, ita ce ginshiƙin, taɓa ta sai da shirin sake gini. Na gwada wannan a kan fim ɗinmu bayan an gama. Waƙoƙi huɗun duka sun ci jarrabawar ado. Kana iya cire kowace, kana iya juya su ka fara da ta ƙarshe, ba abin da zai motsa. Darakta ya 'yantar da su daga bautar labari gaba ɗaya.

Ranar da aka tura mini fim ɗin a memori, na kai shi cikin Yola gidan goggona, wadda ta kalli wasan a daɓe har ta jiƙa gefen mayafinta. Aka tayar da janareto, yara suka cika tabarma. Waƙar lalle ta buɗe, yara suka tashi suna rawa, Goggo na murmushi tana kaɗa kai. Da uban ya ba da yarinyar sai ta ce, "Wannan tsoho an canza shi ne? Wancan mutumin kirki ne, bashi ne ya ci shi." Na ce shi ne dai, Goggo. Da uwar ta fara kuka ta ce, "Me aka yi mata?" Na ce ku ɗan jira, yanzu za a yi. Da marigayi ya bayyana cikin shadda, sai ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, ashe ya fita! To su waɗancan zaman me suke yi?" Ban amsa ba. Har aka gama idonta a bushe, ba wanda ya ja hanci, ba wanda ya kwana da nauyin zuciya. Ta tashi tana cewa fim ɗin ya yi kyau, sai dai ba ta gane wanda ya mutu ba.

Na kai wa Darakta wannan magana ina zaton za ta sosa shi. Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Ƙofa ta buɗe ke nan. Tunda ba a tabbatar ya mutu ba, sai mu yi na biyu." Ya jawo aljihun tebur ya fito da memori, ya ce an riga an buga waƙoƙi huɗu a situdiyo, ɗaya ma ta ranar suna ce. Saura labari kawai, kuma yana so in kawo masa ranar Laraba.